Ɗigon da ba ya ɓacewa a ƙarƙashin tambulan

Yawancin ƙurajen da ke fesowa a jikin mai zazzaɓi halinsu ɗaya ne. Idan aka danna su da yatsa sai su dushe, wurin ya yi haske, da an ɗaga yatsan kuma su dawo yadda suke. Haka ƙyanda take, haka ƙurajen zafin bazara suke, haka ma borin jinin da kan taso bayan an ci abin da jiki bai karɓa ba. Amma akwai wani iri da ba ya jin danni ko kaɗan. Ɗige-ɗige ne ja mai duhu ko shunayya, kamar an yayyafa zoɓo ya bushe a fata. Yawanci a kwance suke, ba su da ruwa, ba su da ƙaiƙayi, shi ya sa mai su ba ya kula da su. Idan irin waɗannan suka haɗu da zazzaɓi, likitoci a ko'ina cikin duniya magana ɗaya suke yi: a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Matasa su suka fi kowa buƙatar sanin wannan. Cutar da ake tsoro ta fi kama ƙananan yara da samari da 'yan mata, kuma a ɗakin kwanan makaranta, ko a tsangaya, ko a gidan da aka bar yaya da ƙannenta, wanda zai fara ganin alamar ba likita ba ne. Abokin kwana ne, ko 'yar'uwa mai shekara 16.

Dalilin bambancin nan mai sauƙin ganewa ne. A ƙurji na yau da kullum, ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata buɗewa suke yi su cika da jini, amma jinin yana nan cikin hanyarsa. Danni yana kora shi gaba, sai launin ya gushe. A ɗaya irin kuwa bangon jijiyar ne ya lalace, jini ya tsiyaye ya kwanta a cikin fata, ba shi da hanyar da zai bi ya kauce. Don haka ɗigon da bai dushe ba, zubar jini ce a cikin fata. Ƙananan ba su wuce tsinin allura ba. Waɗanda faɗinsu ya haura milimita 2 su ne suka fi tayar wa ma'aikatan lafiya hankali, kuma idan abin ya ci gaba sukan haɗe su zama manyan tabo masu kama da kwanciyar jinin wanda aka doka.

A cutar da ake tsoro, abin da ke fasa jijiyoyin shi ne ƙwayar meningokokas, wadda ita ce ke kawo annobar sanƙarau a ƙasar Hausa. Kimanin mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ta yi masa komai ba, tana yawo tsakanin mutane ta tari da atishawa da kwana a cunkushe. A jikin wasu ƙalilan sai ta keta ta shiga jini, kuma daga nan hanya biyu gare ta. Tana iya zuwa ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, ta kawo ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, wato sanƙarau da kowa ya sani. Tana kuma iya zama a cikin jinin ta hayayyafa, tana zubar da guba. Gubar nan ke sa jijiyoyi yoyo, ruwan jini ya fice, ƙarfin bugunsa ya faɗi, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan hanyoyi har ya toshe su. Abin da ido ke gani a fata yana faruwa a ƙoda da huhu da sauran kayan ciki. Wannan hanya ta biyu ta fi ta farko saurin kisa, kuma ita ce mai ɗige-ɗigen. Wani majinyacin yakan haɗa duka biyun, wani kuma har ya rasu wuyansa bai sandare ba. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin an saba jin cewa idan wuya na lanƙwasuwa to ba sanƙarau ba ne.

Gwajin kansa ba ya cin minti guda. A Birtaniya aka fi yayata shi, inda ƙungiyoyin yaƙi da sanƙarau suka daɗe suna koya wa iyaye shi. Ana ɗauko tambulan na gilashi wanda ake hango abu ta cikinsa, marar launi marar zane, a kwantar da gefensa a kan ɗigon, a danna sosai har fatar da ke kewaye ta yi haske, sannan a duba ta cikin gilashin. Idan ɗigon ya ɓace tare da launin fatar, ya dushe ke nan. Idan yana nan ana ganinsa ƙuru-ƙuru, bai dushe ba. Amfanin gilashin shi ne yana barin mutum ya ga wurin a daidai lokacin da yake dannawa, abin da yatsa ke rufewa. Inda babu tambulan, farar kwalba mai tsabta za ta yi. Inda babu ko ita, sai a sa yatsu biyu a gefe da gefen ɗigon a ja fatar ta miƙe, a ga ko zai gushe.

Sai dai hotunan da aka fi nunawa na wannan gwaji an ɗauke su ne a kan farar fata, inda ɗigon ke bayyana daga nesa. A baƙar fata ko wankan tarwaɗa, ana iya kallon ƙafar yaro da ta cika da su a ɗauka tsofaffin cizon sauro ne, ko ma a kasa ganin komai. Saboda haka sai an nemi wuraren da fata ta fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido ta ƙasa idan an ɗan ja ta, farin ido, cikin leɓe da ganɗa. A ido da baki ba a danna gilashi, gani kawai ake yi, kuma ɗigon jini a waɗannan wurare tare da zazzaɓi ya isa dalilin tashi. A duba ciki da cinya da ɗuwawu ma, a jikin jariri a buɗe ƙunzugu. Haske na da muhimmanci ƙwarai. A fito da majinyaci bakin ƙofa idan da rana ne, da dare kuma a haska da fitilar waya mai farin haske, domin aci-bal-bal da ƙwai mai ja-ja suna ɓoye launin.

Akwai kuma wata matsala da littattafan Turai ba su cika ambata ba, wato lalle. Yarinyar da aka yi wa ƙunshi hannu da ƙafa saboda biki ta rasa wurare biyu mafi sauƙin dubawa. A irin wannan hali ido da baki da ciki su ne abin dogaro.

Me ya sa ba za a jira gari ya waye ba? Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2006 ya bi diddigin yara da matasa 448 da suka kamu da wannan cuta, aka tambayi iyaye, aka kuma duba bayanan likitoci kan yadda alamun suka riƙa zuwa awa bayan awa. A awa 4 zuwa 6 na farko ba abin da ya bambanta su da mai mura ko zazzaɓi na yau da kullum. Wajen awa 8, yawancinsu sun fara nuna alamu uku: ciwon ƙafafu, sanyin hannu da ƙafa alhali jiki na zafi, da canjin launin fata. Alamun da kowa ke jira, wato ɗige-ɗigen da sandarewar wuya da gushewar hankali, sai tsakanin awa 13 zuwa 22 suka bayyana. Zuwa awa 24 da yawansu suna bakin mutuwa. Ko a ƙasar da likita ke kusa da kowa, kusan rabin yaran ne kawai aka tura asibiti a ganin farko. Abin da lissafin nan ke nunawa shi ne, a lokacin da ɗigon ya fito, an riga an cinye fiye da rabin lokacin da ake da shi.

A ɗauki misalin ɗalibi ɗan shekara 15 a makarantar kwana, cikin watan Maris, ana fama da ƙura da zafi. Bayan azahar ya ce kansa na ciwo, jikinsa ya mutu. Abokansa suka ce maleriya ce, aka ba shi farasitamol biyu, zazzaɓin ya sauka, har ya tashi ya yi la'asar. Saukar nan ba ta nufin komai, domin farasitamol zafi yake saukarwa, ba ya taɓa ƙwayar cuta. Bayan isha'i ya yi amai sau biyu, ya ce ƙafafunsa na ciwo har ba ya son takawa. Mai gadon kusa da shi ya taɓa goshinsa ya ji rau, ya taɓa tafin ƙafarsa ya ji sanyi ƙalau. Da a ce ya san abin da binciken can ya gano, tun a nan zai tashi malamin ɗaki. Wajen ƙarfe ɗaya na dare majinyacin na numfashi da sauri, ana yi masa magana yana amsawa da ƙyar. Abokin ya haska fitilar waya, ya ga ɗige-ɗige huɗu ko biyar a idon sawu. Ya ɗauko farar kwalba ya danna, suna nan. Ya ja fatar ido, ga wani ɗigo ɗaya a ciki. Sai ya yi dabara mai kyau, ya kewaye ɗigon ƙafar da biro, ya duba agogo, ya ruga ƙofar malami.

Malamin, da barci a idonsa, ya ce a bari da safe a kai shi wurin nas. A nan ne yaro mai tarbiyya yakan yi shiru, kuma a nan ne bai kamata ya yi shirun ba. Ba rashin kunya ba ne ya ce, “Malam, a gafarce ni. Yana da zazzaɓi, kuma ɗige-ɗige sun fito masa waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna. An ce alamar sanƙarau ce da ta shiga jini, kuma ba ta kai mutum safiya. Don Allah a zo a gani.” Da suka dawo ɗakin bayan minti 20, sababbi sun fito a wajen da'irar biron, ɗaya kuma ya faɗaɗa. Wannan ya fi kowace magana gamsar da babba, kuma shi ne amfanin zanen: yana nuna saurin abin ga wanda bai ga farkonsa ba, har da likitan da za a tarar.

A hanya, majinyacin da hankalinsa ke gushewa a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada a ɗura masa ruwa ko magani ta baki. Kemis ba wurin tsayawa ba ne, domin kafso da ake haɗiya ba ya kaiwa ga irin wannan. Tofi da addu'a ana yin su a cikin mota. Tsaga da ƙaho kuwa ga wanda jininsa ya riga ya rikice ƙarin zubar jini ne kawai. Idan babban asibiti na da nisa, a tsaya a cibiyar lafiya mafi kusa da ke da ma'aikaci a yi allurar farko, sannan a wuce, muddin tsayawar ba za ta zama zama ba.

A bakin sashen gaggawa ba a bin layi da irin wannan majinyaci. A faɗi abu uku da babbar murya: zazzaɓi, ɗigon da ba ya dushewa, da lokacin da aka fara ganinsa. Abin da ake sa ran a yi shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take, galibi seftiriyazon, inda babu kuma fenisilin, tare da ƙarin ruwa don tayar da bugun jini da iskar oksijin idan ana buƙata. Za a ɗebi jini, wataƙila daga baya a ɗebi ruwan baya, amma ƙa'idar aikin ita ce ba a jinkirta allura saboda jiran sakamako. Wani abu da ya kamata ɗan rakiya ya riƙe: a ƙasarmu ana iya gwada jinin mutum a sami maleriya alhali wata cutar ce ke neman ransa. Gwajin maleriya da ya nuna akwai bai kore sanƙarau ba, kuma maleriyar da aka saba gani ba ta fitar da irin wannan ɗigo. Idan an ce maleriya ce kawai, a nuna da'irar biron cikin ladabi a tambayi abin da ya kawo ta.

Gwajin tambulan yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar na iya zama haɗari fiye da rashin sanin gwajin. Aikinsa ɗaya ne, ya ce a gaggauta. Ba ya taɓa cewa a kwantar da hankali. A farkon cutar ɗige-ɗigen kan fito ja-ja masu dushewa, sai bayan 'yan awowi su rikiɗe, saboda haka wanda ya gwada da magariba ya ga sun ɓace sai ya sake dubawa bayan awa ɗaya, ya kuma sake. Wasu majinyatan ba sa fitar da ɗigo ko ɗaya. Duk wanda ke da zazzaɓi tare da sanyin hannu da ƙafa, ko numfashi da sauri, ko rikicewar magana, ko wahalar farkawa, ko ciwon kai da ƙin haske, asibiti ya kamata a kai shi ko fatarsa sumul take. Jariri kuwa alamunsa daban: ƙin nono, kuka mai ƙara da ba ya lallasuwa, jiki ya saki, maɗiga ta kumbura, wani lokacin ma jikin sanyi zai yi maimakon zafi.

Ta ɗaya gefen kuma, ba kowane ɗigo marar dushewa ne sanƙarau ba. Tari mai ƙarfi ko yunƙurin amai kan fasa ƙananan jijiyoyi a fuska da wuya da saman ƙirji. Wasu cututtuka masu sauƙi na kawo shi, haka ma ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da jini, da sankarar jini, da zazzaɓin denge. Hasali ma yawancin yaran da ake kai wa asibiti da zazzaɓi da 'yan ƙananan ɗige-ɗige ba meningokokas ake samu ba. Amma rarrabe waɗannan aikin gwajin jini ne da idon ƙwararre, ba a yinsa a tsakar gida, kuma cikin jerin nan akwai waɗanda su ma ba sa son jinkiri. Wanda ya kai ɗan'uwansa cikin dare aka ce ba komai ya yi asarar kuɗin mota da barcin dare ɗaya, kuma ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa ba zai yi masa faɗa ba.

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da rani, daga hunturu har faɗuwar damina. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar hanci da maƙogwaro, sanyin dare kuma na tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe taga. A 1996 annobar ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, a Najeriya kuma a 2011, ya kusan kawar da nau'in A da ke haddasa waɗancan manyan annoba. Sai wani nau'in, C, ya taso: a 2015 ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, har cikin Yamai, a 2017 kuma ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe sama da mutum 1,100 a Najeriya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Matashin da aka yi wa allurar sanƙarau yana ƙarami ya san cewa wataƙila ta nau'in A kaɗai ce, don haka ba hujja ba ce ta raina ɗigo, kuma idan masu rigakafi suka zo makaranta ko unguwa sai ya miƙa hannu.

Aikin ɗan rakiya bai ƙare da kwantar da majinyaci ba. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a makon da ya gabata, da mutanen gidansu, su ne suka fi shiga haɗari, kuma cutar kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 10 bayan ɗauka. A gaya wa ma'aikatan lafiya su waye, domin akwai maganin kariya da ake ba makusanta, wani ma ƙwaya ɗaya ce tak, kuma ya fi amfani idan an sha da wuri. Su ne za su tantance wanda ya cancanta, ba a sayo shi a raba wa ɗaki. Shi majinyacin, bayan awa 24 da fara allura ba ya yaɗa cutar, saboda haka babu dalilin gudunsa ko ƙyamarsa idan ya dawo.

Wanda ya tashi daga wannan ciwo yana buƙatar a ci gaba da lura da shi. Inda jini ya toshe sosai fata kan mutu ta bar gyambo, wasu har su rasa yatsu ko ƙafa, kuma kimanin mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga sanƙarau na bakteriya kan fita da wata naƙasa mai ɗorewa. Wadda aka fi sakaci da ita ita ce ta ji, domin ba a ganinta. Ɗalibin da ya koma aji ya zama sai an maimaita masa magana, ko ya riƙa juyo da kunne ɗaya, ba taurin kai ya koyo a asibiti ba. A nemi a gwada jinsa a cikin makonnin farko bayan sallama, tun kafin ya fara faɗuwa jarrabawa a rasa dalili.